Alamar da Ta Ƙi Daidaita da Rubutun Maɓalli

A shafin intanet, maɓallin "Aika" yakan zo da ɗan hoton kibiya a gefensa. Idan ka lura, wani lokaci kibiyar ta ɗan ɗaga sama da rubutun, ko ta ɗan nutse ƙasa. Tazarar takan tsaya a fiksel ɗaya ko biyu, amma ido yana kamawa.

Laifin daga layin da haruffa ke zama a kai ne. Burauza tana ɗaukar hoton tamkar harafi, sai ta ajiye gindinsa a kan wannan layi, alhali wutsiyar y da g ta zarce ƙasa. A ce rubutu fiksel 16 ne, alama ma 16. Manyan haruffa kusan 11 kawai suke kaiwa a yawancin salon rubutu, don haka kan alamar zai yi musu rata da kusan biyar.

Da yawa sukan gwada `vertical-align: middle`, amma shi da tsakiyar ƙananan haruffa yake auna, shi ya sa alamar kan yi ƙasa kusa da manyan haruffa. Na fi amincewa da wannan:

```css
button {
  display: inline-flex;
  align-items: center;
}
```

Sai dai akwatuna yake daidaitawa, ba zanen da ke cikinsu ba. Idan mai zane ya bar fili a saman kibiyar, za ta ci gaba da nutsewa. A yi wa alamar `outline` don a ga akwatinta. In zanen ya karkace a ciki, a gyara `viewBox` na fayil ɗin SVG.