Yadda ake gane saƙon damfara na "an riƙe kayanka"

Saƙon kan shigo wayar mazaunin Ngojin da ke Potiskum da sunan hukumar NIPOST, wai an riƙe kayansa, sai ya biya ɗan kuɗi ta wani adireshin intanet.

Ɗan kuɗin tarko ne kawai. Shafin na bogi ne, yana karɓar lambobin katin ATM da lambar sirrin da banki ke turowa, sannan a kwashe kuɗin asusun.

Sahihin adireshin hukumar shi ne `nipost.gov.ng`. Mai jiran kaya ya karɓi lambar bibiyarsu daga wanda ya aiko, ya je gidan waya ya tantance. Wanda ya riga ya shigar da bayanansa kuwa, ya sa banki ya toshe katin nan take.