Farashi biyu, kaya ɗaya: inda kuɗin tallafin mai da taki ke zurarewa

A watan Fabrairun 2023, shugaban kamfanin mai na ƙasa, NNPC, na wancan lokaci, Mele Kyari, ya bayyana wani lissafi da ya kamata kowane ɗan Najeriya ya sani. Ya ce kafin litar fetur ta iso ƙasar nan daga waje tana cin naira 315, amma kamfanin yana bai wa dillalai ita a kan naira 113. Ragowar naira 202 ɗin nan su ne tallafin. Idan aka ninka su da lita miliyan 66 da 'yan kai da aka ce ana fitarwa kullum, za a samu fiye da naira biliyan 13 a rana guda, wato sama da biliyan 400 a wata.

Wannan shi ne tallafi: gwamnati ta tsayar da farashi ƙasa da abin da kayan suka ci, ta ɗauki nauyin cike giɓin. Manufar mai kyau ce, domin mai tura ruwa da mai injin niƙa da ɗan acaɓa duk suna samun sauƙi idan mai ya yi araha. Matsalar tana cikin yadda aka gina shi. Gwamnati ta ƙayyade abin da mai saye zai biya, amma ba ta da iko a kan abubuwa uku da ke tantance girman giɓin: farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya, darajar naira a gaban dala, da yawan litar da aka ce an sha. Duk wanda ya motsa a cikin ukun nan, bashin ya ƙaru, ba tare da majalisa ta zauna ta amince ba.

Shekarar 2011 ta nuna haka ƙarara. An ware naira biliyan 245 a kasafin kuɗi domin tallafin mai, aka wayi gari an kashe fiye da tiriliyan 2. Kwamitin majalisar wakilai da ya bincika a 2012 ya gano cewa kamfanonin da ke karɓar kuɗin shigo da mai sun tashi daga 5 a 2006 zuwa 140 a 2011, kuma an biya wasu kuɗin man da bai taɓa sauka a tashar jiragen ruwa ba. Takarda kawai aka kawo, aka karɓi kuɗi. A cikin wannan yanayi ne gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin ranar 1 ga Janairun 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Zanga-zanga da yajin aiki suka tsayar da ƙasar cak, daga Legas har Kano, aka dawo da farashin naira 97.

Daga baya salon biyan ya sauya, ya zama wanda idon talaka ba ya gani. NNPC ya zama shi kaɗai ke shigo da fetur, yana kuma cire asararsa daga kuɗin ɗanyen mai tun kafin su shiga asusun tarayya, inda ake raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kason wata-wata. A 2022 abin da aka cire ya kai naira tiriliyan 4.39, fiye da abin da gwamnatin tarayya ta ware wa ilimi da lafiya idan an haɗa su. A shekarar ne yaƙin Ukraine ya ɗaga farashin ganga sama da dala 100, lokacin da ƙasashe masu arzikin mai ke tara rarar kuɗi, amma Najeriya tana ciwo bashi. Malamin firamare da albashinsa ya makara a wata ƙaramar hukuma ya biya nasa kason na tallafin, ko da kuwa keke yake hawa. Wanda ya fi morewa shi ne mai motoci uku da janareta a gida, tunda kowace lita da ya sha an biya masa naira 202.

Sai batun iyaka, wanda mutanen Jibiya da Illela da Maigatari suka fi kowa sani. A farkon 2023 farashin hukuma a Najeriya yana wajen naira 185 zuwa 195, a Nijar kuwa lita tana sefa 540, wanda a canjin bayan fage na lokacin ya haura naira 600. Ratar ta wuce naira 400 a kowace lita. Tankar mai guda tana ɗaukar lita 33,000. Idan aka yi mata lodi da sunan wani gidan mai na Katsina, ta ɓulla a Maraɗi, ratar da ke cikinta ta zarce naira miliyan 13. Ko ɗan fasa-ƙwauri ya karya farashi don ya sayar da wuri, ko ya raba rabi a hanya, abin da ya rage ya ninka ribar halak ta gidan mai sau da yawa. Babu yawan jami'an tsaro da zai toshe irin wannan riba. A watan Nuwamban 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Waɗanda suka fi shan wuyar dokar su ne mazauna garuruwan, da suka koma saye a hannun 'yan bumburutu da tsada, jarkoki kuwa suka ci gaba da tsallakawa a kan babura ta hanyoyin daji.

Akwai alamomin da ke nuna farashin hukuma ya rabu da na gaskiya. Za ka ga gidan mai a rufe, an ce babu, amma a bakin ƙofarsa yara sun jera galan-galan suna sayarwa. Za ka ga layi tun asuba. Za ka kuma ga alƙaluman shan mai suna hawa alhali motoci ba su ƙaru haka ba. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabinsa na karɓar mulki ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta kai naira 540 a Kano, kuma hukumar kula da harkar ta ce abin da ake fitarwa kullum ya sauko zuwa wajen lita miliyan 46. Wani ɓangare na raguwar mutane ne da suka ajiye motoci saboda tsada, wani kuma man da dama can ba a Najeriya ake shan sa ba.

Tallafin bai mutu a ranar ba. Da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta faɗi warwas, kuɗin shigo da mai ya yi sama, amma aka riƙe farashi a wajen naira 617 fiye da shekara guda. Giɓin ya dawo ta bayan gida, har NNPC ya amsa a Satumban 2024 cewa masu kawo masa mai suna bin sa bashi mai nauyi. A watan Oktoba lita ta haye naira 1,000. Raɗaɗin da jama'a suka ji na gaske ne: kuɗin mota da na abinci suka tashi tare, hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin ɗari a ƙarshen 2024. A ganina kuskuren shi ne cire shi da aka yi kafin a tanadi motocin haya masu araha da ƙarin albashi. Tunda kason jihohi ya ƙaru sosai daga lokacin, haƙƙin kowa ne ya tambayi gwamnansa inda rarar ta shiga.

Tallafin takin zamani ɗan uwan na mai ne, amma halinsa daban. Shi yana da iyaka, domin buhunan da aka saya ƙidayayyu ne, saboda haka ba ya cinye kasafi kamar fetur. Tasa illar tana wajen rabo. Shekaru da dama gwamnati ce ke sayen taki ta raba ta hannun jihohi da ƙananan hukumomi da mazaɓu. Buhun da aka sayar a rabin kuɗi ga mai hanya sai ya koma kasuwa a cikakken farashi, wani lokaci ma a sake sayar wa gwamnati shi. Da Akinwumi Adesina ya zama ministan noma a 2011, ya ce kashi 11 cikin ɗari kacal na manoma ke samun takin da aka yi domin su.

Shirin da ya ɓullo da shi a 2012 ya sauya hanya. Aka yi wa manoma rajista, ana tura musu saƙo ta waya, manomi ya je wajen dillalin da aka amince da shi ya karɓi buhu biyu masu kilo 50, kamfa da yuriya, ya biya rabin kuɗi. Tarayya da jiha su biya ɗaya rabin. A ce buhu yana naira 5,500, manomi zai ba da 2,750. Fa'idar tsarin ita ce kaya sun bi ta hannun 'yan kasuwa, kuma nauyin gwamnati sananne ne: yawan manoma sau buhu biyu. Amma an gamu da ƙauyukan da ba sabis, da sunayen bogi a rajista, sannan gwamnati ta riƙe wa dillalai kuɗinsu na tsawon lokaci, alhali da yawansu bashin banki suka ci suka kawo kayan. Daga ƙarshen 2016 gwamnatin Buhari ta ɗauki wata hanyar, ta ƙulla yarjejeniya da Maroko kan sinadarin fosfet, ana haɗa takin a masana'antun cikin gida, aka tsayar da buhu a naira 5,500. An farfaɗo da masana'antu da dama, sai dai nan ma farashin hukuma ya kasa jure faɗuwar naira.

Abin da ya fi cutar manomi shi ne lokaci. Masara tana son kamfa a cikin mako biyu bayan shuka, yuriya kuma wajen mako na biyar zuwa na shida. Manomin Funtuwa ko Saminaka da ya yi shuka a watan Yuni, idan takin gwamnati ya iso ƙarshen Agusta, masararsa ta riga ta fitar da kai, ganyen ƙasa ya yi rawaya. Abin da ya rage masa shi ne ya sayar da buhun ya sayi hatsi. Buhu biyu kuma ba su isa ko rabin kadada ba. Ga wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba: dillalin ƙauye da ya ji ana shirin rabon taki mai rahusa yakan ƙi sarowa, don kada kuɗinsa su maƙale. Manomi ma ya ƙi saye yana jiran na gwamnati. Idan rabon ya makara, ko ya tsaya a hannun 'yan siyasa, sai a rasa taki a shago a daidai makon da gona ke buƙatarsa, kaɗan ɗin da ke akwai kuma ya yi tsada fiye da da.

Saboda haka duk sanarwar rabon taki da aka ji a rediyo, abin tambaya shi ne ranar da zai isa ƙauye, da sunan wa aka rubuta, da kuma ko kuɗin dillali suna cikin kasafi a ajiye. Domin noman damina a arewa, ya kamata taki ya kasance a shaguna tun watan Afrilu ko Mayu, na noman rani kuma kafin Nuwamba, wato sai an saki kuɗinsa wata biyu ko uku kafin nan, saboda sarowa da haɗawa da jigila.