Esi Mai Inbata da Na Gargajiya: Ina Wutar Take Tafiya?

Ka tsaya kusa da akwatin esi da ke bayan ɗaki da daddare ka kasa kunne. Idan ka ji ya tashi da gurnani, ƙwan ɗaki ya ɗan dushe, can kuma ya yi tsit, to na gargajiya ne. Idan kuwa ƙugi kake ji ƙasa-ƙasa ba yankewa, mai inbata ne. Wannan inbatar ba ta batirin sola ba ce, wani allon lantarki ne a cikin esin kansa.

Abin da ke shan wuta a esi shi ne kwamfiresa, wadda ke matsa gas ɗin da ke kwashe zafin ɗaki. A na gargajiya gudunta ɗaya ne tak, kusan juyi 2,900 a minti, domin bugun wutar gari take bi. Ka sa rimot a digiri 24, za ta yi ta aiki iya ƙarfinta har ɗakin ya kai haka, ta mutu, zafi ya dawo, ta sake tashi. A kowane tashi kuwa tana fizgar wuta ninki huɗu zuwa shida na ɗan lokaci. Fizgar ba ta cinye yunit sosai, amma ita ce ke durƙusar da ƙaramin janareta.

Mai inbata kan sarrafa wutar da ke shigowa, ya ba kwamfiresa gwargwadon bukata. A hankali take tashi, ta yi gudu har ɗaki ya yi sanyi, sannan ta koma tafiyar hawainiya. A wannan tafiyar ribar take: matsin gas yana raguwa, sai kowane yunit ya fi ba da sanyi.

Mu ƙaddara esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, a dare na awa 8. Na gargajiya yana jan kamar wat 1,200. Idan kwamfiresarsa ta yi aiki awa 5 a ciki, yunit 6 ke nan. Mai inbata ya ja wat 1,300 a awar farko, sauran awa 7 kuma wat 450, jimla kusan yunit 4 da rabi.

Sai dai abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, ribar ba ta samuwa sai ɗakin ya kai sanyin da aka nema. A bazarar Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, rufin kwano ba sili, ƙofa a buɗe, rimot a kan 16, kwamfiresar ba za ta taɓa sassautawa ba, mita kuma za ta yi ta gudu. Alamarsa, awa biyu sun wuce amma ƙarar waje ba ta sauka ba. A rufe kafofin iska, a wanke ragar tace ƙura, a mai da rimot 24 ko 25.

Ga kuma allon nan, wanda ba ya jure wutar da ke hawa da sauka. In ya ƙone gyaransa da tsada, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba. Inda wuta ke rawa, a haɗa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi tun a shago.