Ribar ɗan tsakiya a aikin intanet da yadda ake kare ta

Ƙaramin kamfanin ayyuka na intanet yakan soma ne daga mutum ɗaya da aiki ya yi wa yawa. Mai fassara ko mai gina shafukan intanet ya sami kwastomomin da suka fi ƙarfinsa, sai ya riƙa karɓar kwangila da sunansa yana raba wa wasu masu zaman kansu. Kwastoma shi kaɗai ya sani, idan aiki ya lalace shi za a tuhuma. Ribarsa kuwa ita ce abin da ya rage tsakanin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskuren lissafi.

A ɗauki misalin wata ƙungiya da ta ba da fassarar ɗan littafin kiwon lafiya mai kalmomi 10,000 daga Ingilishi zuwa Hausa, a kan dala 500, ta kafar Fiverr. An daidaita da mai fassara a kan dala 200, don haka da gani sai a ce riba ta kai 300. To amma Fiverr tana cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki, saura 400 ke nan. A ware kamar dala 10 don kuɗin cirewa da canji zuwa naira. Mai duba fassarar zai karɓi 70. Idan aka cire waɗannan da kuɗin mai fassara, saura 120. Mai kamfanin kansa zai ɓatar da kamar awa 6 wajen magana da kwastoma da raba aiki da karatun ƙarshe, kuma idan ya yi wa awarsa kuɗi dala 10, wata 60 ta tafi. Ainihin ribar dala 60 ce, wato kashi 12 cikin ɗari na farashin.

Riba irin wannan ba ta jure ƙari kyauta. Idan kwastoma ya turo wasu kalmomi 1,500 yana cewa ɗan gyara ne, mai fassara zai nemi dala 30, mai dubawa kusan 10, riba ta koma 20. Shi ya sa tun kafin a fara ake rubuta yawan kalmomi, da sau nawa za a yi gyara kyauta, da kuɗin duk abin da ya haura haka. Kunyar faɗin wannan tun farko ta fi komai cinye ribar ƙananan kamfanoni.

Akwai kuma batun lokacin biya. Fiverr kan riƙe kuɗi kwana 14 bayan an kammala aiki, alhali mai fassara yana jiran haƙƙinsa. Dole kamfani ya tanadi ɗan jarin da zai biya mutanensa a ranar da aka yi alkawari. Ƙwararre ba ya zama da mai jinkirin biya, kuma nemo wani kamarsa ya fi tsada.

Inganci kuwa daga zaɓen mutum yake farawa. Ana ba sabon mai fassara gwajin kalmomi kamar 300 daga irin aikin da zai yi, a biya shi, a duba aikin da kuma ko ya cika lokaci. Sannan a ba shi jerin kalmomin da aka amince da su, don kada a ce "zazzaɓin cizon sauro" a shafi na 2 a koma "maleriya" a shafi na 9, tare da sharaɗin amfani da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Abin da ya fi amfani shi ne karɓar kalmomi 1,000 na farko tun rana ta ɗaya. Kuskuren da aka kama a nan ana gyara shi cikin awa guda, wanda aka gano ranar miƙa aiki kuwa ya riga ya bazu a ko'ina. Idan salon rubutu ya sauya a tsakiyar littafi, ko aiki mai yawa ya iso da saurin da ya wuce hankali, sau da yawa alama ce mai fassarar ya miƙa wa wani a ɓoye. A littafin lafiya, kowane adadi na magani sai an gwada shi da na asali ɗaya bayan ɗaya.

Ba a ba mai fassara ranar da kwastoma ya sa. Idan kwana 10 aka bayar, fassara ta ɗauki 6, dubawa 2, a bar 2 saboda ɗaukewar wuta, matsalar sabis ko rashin lafiya. Kwastoma ma ya kamata ya san cewa wasu ne za su taɓa takardunsa, musamman idan an sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, domin irin wannan yarjejeniya kan hana nuna wa wani takardun sai da izini a rubuce.