Daga Randar Yogot Zuwa Ɗakin Bincike: Labarin CRISPR

Masana'antun yogot da cuku sun daɗe da sanin wata masifa. A zuba madara mai kyau a katafariyar randa, a saka irin bakteriyar da ke tsamama ta, a wayi gari madarar ba ta kama ba. Mai laifin wani nau'in bairos ne da ake kira feji. Shi ba ruwansa da mutum ko dabba, bakteriya kaɗai yake kamawa. Yakan manne a jikinta, ya cusa mata DNA ɗinsa, ya tilasta mata ƙera 'ya'yansa har ta fashe, su kuma su afka wa na kusa. A wannan yaƙin ne aka gano CRISPR, kuma wanda ya fahimci yaƙin zai gane abin da wannan kayan aiki yake iyawa da inda ƙarfinsa ya tsaya.

DNA rubutu ne mai haruffa huɗu: A, T, G da C. A 1987 Yoshizumi Ishino na Jami'ar Osaka ya ga wani abin mamaki a DNA ɗin bakteriyar E. coli: gajeren jeri mai haruffa 29 yana ta maimaituwa, kuma tsakanin kowane biyu akwai wani guntu da bai yi kama da sauran ba. Francisco Mojica na Jami'ar Alicante a Sifen ya ci karo da irinsa a ƙananan halittun fadamun gishirin Santa Pola, ya kwashe fiye da shekara goma yana bibiya. A 2002 aka raɗa wa tsarin suna CRISPR. A 2005 Mojica ya wallafa cewa guntayen nan na tsakani kwafi ne na DNA ɗin feji, wato bakteriya tana ajiye bayanin maharanta. Manyan mujallun kimiyya da dama sun ƙi karɓar takardar kafin ta samu fita.

Hujjar ta zo ne daga kamfanin Danisco mai sayar da irin yogot. A 2007 Rodolphe Barrangou da Philippe Horvath da abokan aikinsu suka sakar wa bakteriyar Streptococcus thermophilus feji, suka tsince 'yan ƙalilan da suka tsira. Da suka karanta DNA ɗinsu sai ga sababbin guntaye, daga ɗaya zuwa huɗu, an jera a bakin layin, kuma sun dace da DNA ɗin fejin da ya kawo harin. Ba su tsaya nan ba. Da suka cire guntayen, kariyar ta tafi. Da suka dasa su a bakteriyar da ba ta da su, ita ma ta samu kariya. Da suka lalata ƙwayar gadon furotin ɗin da yau ake kira Cas9, guntayen suna nan daram amma ba su tsinana komai ba. A ganina wannan gwaji ya fi kowane kyau a tarihin CRISPR, domin ya rufe duk wata ƙofar gardama.

Abin ya yi kama da maigadin da ke riƙe da hoton ɓarawo. Bakteriyar da ta tsira takan yanko ɗan guntun DNA ɗin maharin, haruffa talatin ko kusa da haka, ta liƙa a layinta. Daga nan ta kwafe shi a wani siririn zare da ake kira RNA, ta ɗora wa Cas9. Shi kuma ya yi ta laluben duk DNA ɗin da ya shigo; inda haruffa suka dace da na RNA, ya datse igiyoyin biyu, fejin ya mutu. Da yake ajiyar a cikin DNA take, 'ya'yan bakteriyar suna gadon kariyar.

To, me ya hana Cas9 yanka bakteriyar kanta, alhali ita ma tana ɗauke da wannan guntu? Amsar wata 'yar alama ce da ake kira PAM. Cas9 ɗin da aka fi amfani da shi ba ya buɗe DNA sai ya ga haruffa uku dab da wurin: kowane harafi, sai G biyu, abin da ake rubutawa NGG. Alamar tana jikin feji, amma babu ita a ma'ajiyar bakteriya. Feji ma bai zauna ba: sauyin harafi ɗaya a PAM ko kusa da shi ya isa ya kuɓutar da shi, kuma a 2013 masu bincike a Toronto suka gano wasu feji da ke ƙera furotin masu toshe CRISPR gaba ɗaya.

Juyawar makamin zuwa kayan aiki ta zo da sauri. A 2011 Emmanuelle Charpentier ta gano cewa a Streptococcus pyogenes akwai RNA na biyu wanda aikin ba ya yiwuwa sai da shi. A 2012 ita da Jennifer Doudna suka haɗe RNA biyun suka zama jagora guda, suka nuna a kwalbar gwaji cewa in an sauya haruffa 20 na jagoran, Cas9 zai yanka inda aka nufa. Virginijus Šikšnys na Lituweniya ya kai ga sakamako makusanci a shekarar. A farkon 2013 ɗakunan binciken Feng Zhang da George Church suka yi shi a ƙwayoyin jikin ɗan Adam. A 2020 Charpentier da Doudna suka karɓi kyautar Nobel.

Sai dai a lura: Cas9 yanka kawai ya iya. Mai bincike yakan zaɓi haruffa 20 da ke dab da NGG, Cas9 ya datse haruffa uku daga alamar, sauran aikin na ƙwayar jiki ne. Ita ke ɗinke wurin, sau da yawa ta yar da 'yan haruffa ko ta ƙara, saƙon ya lalace. Shi ya sa kashe ƙwayar gado ya fi gyara ta sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai kuma kuskuren wuri: Cas9 yakan lamunci saɓanin harafi ɗaya ko biyu, musamman a ɓangaren da ke nesa da PAM, ya yanka inda ba a aike shi ba. Ga bakteriya wannan sassauci na iya zama riba wajen kama fejin da ya sauya kama, ga majinyaci kuwa haɗari ne. Hanyar ganewa ita ce a lissafo wuraren da suka yi kama da inda aka nufa, a karanta DNA ɗinsu bayan aikin.

Maganin sikila ya nuna yadda ake aiki cikin wannan iyaka. Ciwon ya samo asali daga sauyin harafi ɗaya a ƙwayar gadon himogulobin, amma maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, bai taɓa wannan harafin ba. Jariri a ciki yana da nasa nau'in himogulobin wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, sai furotin BCL11A ya dakatar da shi bayan haihuwa. Likitoci sukan ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga majinyaci, a yanka wurin da ke kunna BCL11A a jajayen ƙwayoyi, a mayar masa da su, himogulobin na jarirai ya dawo.

Hanyar tana da wuya. Kafin mayarwar sai an share ɓargon majinyaci da magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, wanda kan iya hana haihuwa, ga jinyar makonni a asibiti. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila. Don haka, mai karatu, a yau gwajin jini kafin aure da gwada jarirai da wuri su ne kariyar da ke hannunmu, kada labarin sabon magani ya sa mu sake da su.