Wasiƙar da Ke Raka Rahoton Wata: Yadda Ake Fayyace wa Mai Shago Alƙaluman Shafinsa

Rahoton wata na kafafen sada zumunta takarda ce da na'ura ke haɗawa da kanta. Wanda ke kula da shafin kasuwanci yana jona shafin Facebook ko Instagram da wata manhaja, ya zaɓi alƙaluman da za a ɗauko, ya tsayar da ranar aikawa. Daga nan duk wata sai takardar ta faɗo cikin imel ɗin mai kasuwancin ba tare da wani ya taɓa ta ba. Ana samun alƙaluman daga Meta Business Suite, wasu kuma suna shirya su a Looker Studio na kamfanin Google, wanda ke iya aika rahoto a ranar da aka tsara. Na'urar tana ƙirga, amma ba ta bayani. Shi ya sa ake rubuta wa mai kasuwancin wasiƙa ɗaya tun kafin rahoton farko ya iso, wadda zai riƙa komawa gare ta duk lokacin da wata lamba ta ɗaure masa kai.

A ɗauki misalin mai shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari da ke Kano, wanda ya ba wani matashi aikin kula da shafinsa. Alƙaluman da za su biyo baya duk na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fito fili.

Bayan gaisuwa, abin da wasiƙar ke fara faɗa shi ne yaushe rahoton zai zo da kwanakin da ya ƙunsa. Ana iya rubuta shi kamar haka: "Ranka ya daɗe Alhaji, daga wannan watan rahoto zai riƙa shigowa imel ɗinka ranar 3 ga kowane wata. Ya ƙunshi abin da ya faru daga ranar 1 zuwa ƙarshen watan da ya wuce. Na'ura ce ke aiko shi, don haka in ka ga abin da bai yi maka ba, ni za ka kira." Akwai dalilin zaɓen ranar 3 maimakon ranar 1. Alƙaluman Instagram kan yi jinkirin da zai iya kai awa 48 kafin su daidaita, saboda haka rahoton da aka yanka da asubar ranar farko yakan nuna kwanakin ƙarshe a gajarce.

Sai lambobi biyu da aka fi rikitawa, waɗanda a allo ake rubuta su Reach da Views. Ta farko tana nufin yawan asusun da abin da aka wallafa ya kai gare su, kowane asusu sau ɗaya. Ta biyu tana ƙirga sau nawa aka nuna ko aka kunna abin, ko da mutum ɗaya ne ya maimaita. Kamar mai wucewa ne ta gaban shago: in mutum guda ya gitta sau biyar a yini, mutum ɗaya ne ya ga kayan, amma an gan su sau biyar. Idan rahoton mai atamfar ya nuna Reach 40,000 da Views 100,000, to a matsakaici kowane asusu ya ga kayansa sau biyu da rabi. Wannan rabon yana da amfani. In wata bayan wata Views na hawa amma Reach na nan inda yake, ma'anarsa mutanen nan dai ake ta nuna wa kayan, sababbin ido ba sa shigowa.

Wasiƙa mai kyau takan ƙara gargaɗi biyu a nan. Na farko, ba a tara Reach. Wanda ya ga hoto ranar Litinin ya sake ganin wani ranar Alhamis an ƙirga shi a kowace rana, amma a jimillar wata mutum ɗaya ne. Mai shagon da ya ɗauki kalkuleta ya haɗa na makonni huɗu zai sami abin da ya zarce na wata, ya ɗauka an ƙware shi. Haka nan ba a haɗa na Facebook da na Instagram a ce ga yawan mutane, domin mace ɗaya na iya bin shagon a wuraren biyu. Shi kansa kamfanin Meta yana bayyana wannan lamba a matsayin ƙiyasi. Gargaɗi na biyu ya shafi tarihi: tun daga 2024 kamfanin ya fara mayar da Views babban ma'auni a maimakon tsohuwar lambar da ake kira Impressions, kuma ba daidai suke ƙirga ba. Kwatanta rahoton bana da wanda aka yi kafin canjin yana iya nuna hauhawar da ba ta faru ba.

Lamba ta uku ita ce ta mu'amala, wato abin da mutane suka yi bayan sun gani: danna alamar so, rubuta sharhi, turawa ga wani, ko adanawa. Rahoto yakan haɗa su wuri ɗaya ya fitar da kaso cikin ɗari, kuma a nan ne ake yawan shafa wa mai kasuwanci mai a baki. A ce an sami mu'amala 2,000 a watan, shafin kuma yana da mabiya 10,000. In aka raba da yawan waɗanda abin ya kai gare su, wato 40,000, za a sami kashi 5 cikin ɗari. In aka raba da yawan mabiya, sai ya zama kashi 20. Aiki ɗaya ne, wata ɗaya, amma lamba ta ninka sau huɗu. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙarya, sai dai wajibi ne wasiƙar ta faɗi wadda ake amfani da ita, ta kuma yi alkawarin ba za a sauya ta a ɓoye ba. Ga mai sayar da tufafi, ba duk mu'amala ke da nauyi ɗaya ba. Alamar so ba ta cin komai. Wadda ta adana hoton leshi ko ta tura wa 'yar'uwarta, musamman lokacin haɗa lefe ko fitar da anko, ta fi kusa da saye nesa ba kusa ba. Ya dace a nuna waɗannan biyun a layinsu daban.

Yawan mabiya shi ne abin da idon mai shago ke fara nema, kuma shi ne mafi ƙarancin labari. Ya isa wasiƙar ta ce lambar da ke rahoton ragowa ce bayan an cire waɗanda suka fita: 450 sun shigo, 150 sun fita, ƙari 300. Wani lokaci kamfanin kan share asusun bogi, sai lambar ta sauka a dare ɗaya ba tare da laifin kowa ba.

Inda kuɗi ya shiga nan ne wasiƙar ta fi bukatar tsayawa. Dole rahoton ya raba abin da aka samu da talla da wanda aka samu ba tare da biya ba. In daga cikin 40,000 ɗin nan mafi yawa talla ce ta kawo su, to watan da ba a saka kuɗi ba lambar za ta faɗi, kuma gara mai shagon ya san haka tun yanzu. A ce an kashe ₦60,000 kan tallar da ke kai mutum WhatsApp ɗin shago, rahoton kuma ya nuna Messaging conversations started 120. Lambar da ake kira Cost per result za ta zama ₦500, wato kuɗin da aka kashe kafin mutum ɗaya ya fara magana. A Najeriya ana ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tallar, saboda haka ₦60,000 ta zama ₦64,500 a wurin biya. In ba a faɗi wannan ba, Alhaji zai duba saƙon banki ya ga bai yi daidai da rahoto ba, zargi ya shiga.

A nan iyakar na'urar take. Ta ga mutum 120 sun turo saƙo, amma ba ta san wanda ya ce "nawa ne?" ya ɓace ba, ba ta san wadda ta yi taransifa ba, balle wadda ta ga hoton ta aiko ɗanta kasuwa da kuɗi a hannu. Wannan yana cikin littafin shago. Saboda haka wasiƙar takan roƙi abu ɗaya daga mai kasuwancin: yaran shago su riƙa tambayar mai saye inda ya ga kayan, su rubuta. In littafin ya nuna mutum 20 daga cikin 120 sun saya, to kowane mai saye ya ci ₦3,000 na talla kafin haraji. Idan ribar da ake samu a kan mai saye ɗaya ta kai ₦8,000, tallar ta biya kanta. Idan ₦2,000 ce, an yi asara duk da kyan rahoton. Kuma in saƙonni sun yi yawa ciniki ya yi kaɗan, ba lallai tallar ce ta gaza ba. Sau da yawa jinkirin amsa saƙo ne, ko an tallata zanen da ya riga ya ƙare.

Kusa da kowace lamba rahoto yakan sa kibiya, kore in ta hau, ja in ta sauka, bisa kwatanci da watan da ya gabata. Na'urar ba ta san kalandar kasuwa ba. Watan da ya biyo bayan cinikin Sallah kusan kullum ja zai nuna, kuma da yake Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kwatanta Afrilun bana da na bara ma yana iya ɓatarwa. Fabrairu kuma ya gaza Janairu da kwana uku a yawancin shekaru, wanda shi kaɗai ya kusa kashi 10 cikin ɗari. Abin da ya fi dacewa shi ne a duba watanni uku a jere kafin a yanke hukunci, a kuma kwatanta lokacin Sallah da lokacin Sallah.

Rahoton kansa yana iya lalacewa, kuma alamarsa a bayyane take. In dukan lambobi suka koma sifili, ko layin jadawali ya yanke tsaf a wata rana ya kwanta, ba kasuwa ce ta mutu ba, haɗin da ke tsakanin shafin da manhajar ne ya katse. Hakan na faruwa idan an canza kalmar sirri, ko an cire mai kula da shafin daga jerin masu izini, ko wa'adin izinin ya ƙare. Manhajar ba za ta fasa aikawa ba, za ta turo takardar da ramukanta. Hanyar tabbatarwa ita ce a buɗe Insights a cikin shafin, a zaɓi kwanakin nan dai, a gwada da abin da rahoto ya kawo. Ɗan bambanci ba abin damuwa ba ne, tunda manhajoji ba lallai su yanke rana da agogo ɗaya ba. Babban giɓi kuwa yana bukatar a sake jona asusun a fitar da rahoton sabo. Wasiƙar takan rufe da roƙon a sanar da mai kula da shafin duk ranar da aka canza kalmar sirri, da kuma ranar da za a zauna kowane wata, ko da minti goma sha biyar ne a waya, a ajiye rahoton kusa da littafin shago a duba su tare.