Me Ya Sa Shaf Ɗin Injin Niƙa Yake Karyewa Bayan An Rage Gudu?

A wajen masu injin niƙa da na markaɗe akwai wani abu da ke yawan ɗaure kai. Mutum zai canza fuli domin ya rage gudun injinsa, yana ganin ya sauƙaƙa wa ƙarfe aiki, amma ba a daɗe ba sai shaf ya karye. Daga nan sai a ɗora laifin kan ƙarfen, a ce jabu ne. Sau da yawa ƙarfen ba shi da laifi. Lissafi ne aka tsallake, kuma lissafin bai fi ƙarfin mai wayar hannu ba.

Shaf shi ne sandar ƙarfen nan mai juyawa da ke ɗauko ƙarfi daga fuli ta kai wa faranti. Fuli na juya shi ta wannan kai, hatsi na riƙe shi ta wancan kai, don haka duk lokacin aiki a murɗe yake, ko da ido bai gani ba. Ƙarfin da inji ke bayarwa kuwa haɗin abu biyu ne: ƙarfin murɗa da saurin juyi. Idan ƙarfin inji bai canza ba, duk abin da aka rage a gudu sai ya ƙaru a murɗa. Ga yadda injiniyoyi ke lissafa shi:

```
T = 9550 × P / N
```

A nan P ƙarfin inji ne da kilowat, N yawan juyi a minti ɗaya, T kuma ƙarfin murɗa da niyuton-mita.

Mu ɗauki mota mai kilowat 7.5, wato wajen ƙarfin doki 10, mai juyi 1450 a minti. A wannan gudun, ƙarfin murɗa niyuton-mita 49 ne da ɗan ɗoriya. To, sai a sa babban fuli a shaf ɗin niƙa, gudunsa ya sauko zuwa 500. Motar ba ta canza ba, wutar da take ci ba ta ƙaru ba, amma murɗar da ke kan wannan shaf ta haura zuwa 143, kusan ninki uku. Shi ya sa a kowane inji shaf mai juyi a hankali ya kamata ya fi kauri.

Me wannan murɗa take yi a cikin ƙarfen? A ɗauka shaf kwabbai ne da aka jera aka manne su, ɗaya kan ɗaya. Idan aka murɗa na ƙarshe, kowane kwabo yana neman ya zame a kan na kusa da shi, ƙarfen kuma yana hanawa. Wannan shi ne matsin zamiya. Ba daidai yake a ko'ina ba: a tsakiyar shaf babu shi sam, yana ƙaruwa yayin da ake fitowa waje, har ya kai ƙarshensa a fatar ƙarfen. Saboda haka tsaga ta fi farawa daga waje, kuma tsatsa ko ɗan yanka a fatar shaf ba ƙaramin abu ba ne. Matsi mafi girma a shaf mai zagaye marar rami shi ne:

```
τ = 16T / (π d³)
```

Idan aka sa T da niyuton-milimita, aka sa kauri d da milimita, amsa za ta fito da megafaskal. Shaf mai kaurin milimita 25 da ke juyi 1450 yana ɗauke da megafaskal 16 kacal. Shi ɗin dai a juyi 500 yana ɗauke da kusan 47. Ga ƙarfen shaf na yau da kullum da aka yanka wa ramin ki, masu zanen inji ba sa son a wuce wajen 40. Ke nan an riga an ƙetare iyaka tun kafin dutse ya faɗa cikin hatsi.

Maganin yana cikin wannan ɗan uku da ke saman d. Kauri ba ya aiki sau ɗaya, sau uku yake ninka kansa. Idan aka koma shaf mai milimita 30, ƙarin milimita biyar kawai, matsin zai sauko daga 47 zuwa 27. Idan aka ninka kauri biyu, matsin zai koma kashi ɗaya cikin takwas. Haka abin yake ta baya: wanda ya feƙe shaf domin ya shiga boris ɗin da ya samu a kasuwa, ya rage masa ƙarfi fiye da yadda ido ke nunawa.

Akwai tambaya ta biyu. Shaf na iya jure matsi bai karye ba, amma ya murɗe fiye da kima, kai ɗaya ya riga ɗayan juyawa. Wannan ita ce kusurwar murɗewa. Masanin Faransa Charles-Augustin de Coulomb ya nuna a 1784, cikin bincikensa kan murɗa waya, cewa abin yana bin kauri ninki huɗu. Ga lissafin:

```
θ = TL / (GJ)
J = π d⁴ / 32
```

L shi ne tsawon da ke tsakanin fuli da faranti, G kuma taurin ƙarfe wajen ƙin murɗewa, wanda ya kai kimanin megafaskal 80,000. Amsar tana fitowa da radiyan, sai a ninka da 57.3 a samu digiri. Idan tsawon milimita 600 ne, shaf mai kauri 25 zai murɗe digiri 1.6, mai kauri 30 kuwa ƙasa da digiri 0.8. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake bi, cewa kada murɗewa ta wuce digiri ɗaya a tsawon da ya kai kauri sau 20. Mai 25 ya faɗi a wannan ma, mai 30 ya haye.

A nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. Sayen ƙarfe mai tsada yana sa shaf ya jure matsi mai yawa, amma ba ya rage murɗewa, domin G kusan ɗaya ne a duk ire-iren ƙarfen shaf. Abin da ke rage ta shi ne ƙara kauri ko rage tsawo.

Karyayyen shaf yana faɗin abin da ya same shi. Ƙarfe mai laushi da aka murɗa har ya gaza yakan yanke a miƙe, kamar an datse shi. Ƙarfen zubi mai gautsi yakan fashe a karkace, bisa digiri 45, kuma duk wanda ya murɗa allin makaranta zai ga irin wannan karaya. Idan kuwa aka ga wani sashe sumul mai layuka, sauran kuma da kaushi, to tsaga ce ta daɗe tana ci a hankali, galibi daga kusurwar ramin ki, ko inda kauri ya canza, ko wurin walda.

Wannan lissafi yana da iyaka. Murɗa kaɗai ya ƙirga. Bai haɗa da jan bel da ke lanƙwasa shaf ba, ko fizgar tayar da inji, ko bugun da ake samu idan faranti ya cije. Shi ya sa ake barin rata mai yawa tsakanin abin da lissafi ya bayar da abin da ƙarfe zai iya ɗauka.

Don haka, mai inji, kafin ka canza fuli ko ka ƙara girman mota, ka duba ƙarfin da aka rubuta a jikinta, ka san gudun da shaf zai koma, ka auna kaurinsa a wurin da ya fi siranta, sannan ka yi lissafin. Idan amsa ta kusa 40, ka nemi shaf mafi kauri tun bai karye ba.